Wasiƙa zuwa ga Manaja kan Wa'adin Ɗinkin Yunifom

Talata, 26 ga Agusta

Assalamu alaikum, Yallaɓai.

Barka da aiki, ya iyali? Na rubuto ne kan yunifom ɗin makarantar nan, seti 1,200, da aka yi alkawarin miƙawa ranar Litinin 8 ga Satumba. A taron jiya na ja bakina na yi shiru, don bai kamata mu yi wannan maganar a gaban yara ba.

Mun ji daɗin samun aikin, kuma na san sai da aka sha fama kafin ya zo hannunmu. Sai dai lissafin ya ƙi fita. Teloli 12 gare mu. Ranar da ba a ɗauke wuta ba, kowa kan haɗa riga da wando ko hijabi seti 5, wato 60 a yini. Ko da ba a samu cikas ba, kwanakin aiki 20 ke nan, mu kuwa 10 muke da su. A cikin goman akwai Juma'a biyu, ga Asabar ɗin tsaftar muhalli da ba a fita sai ƙarfe goma. Shuɗin yadin da ya iso daga Kantin Kwari bai kai rabi ba, kuma dillalin ya ce sauran sai jibi. Ban ma sa ɗaura baji, maɓalli da guga ba.

Za a iya cewa mu riƙa kwana a shago. Mun yi hakan da Ƙaramar Sallah, kuma kun ga abin da ya biyo baya: aljihu a karkace, maɓalli na zubewa, ga kuɗin dizal. Gyaran kayan da aka dawo mana da su ya ci mako guda. Idon da ya kwana a kan keke ba ya ganin layi.

Idan kun amince, ga abin da nake iya ɗaukar alkawarinsa: seti 500 na sababbin ɗalibai ranar 8 ga wata, tunda su ne ba su da na sawa, sauran 700 kuma ranar 22. In kuwa makarantar ta kafe sai duka, akwai teloli a Fagge da na yarda da hannunsu. Mu yanka a nan, su haɗa a can, amma ribar za ta ragu.

Sai roƙo ɗaya, Yallaɓai. Nan gaba kafin a sa wa mai kaya rana, a kira ni ko da minti biyar ne, in faɗi abin da ke kan kekuna.

Hukunci naku ne, duk wanda kuka zaɓa shi za mu bi. Yau da safe aka fara yanka. In kuna da sarari gobe bayan Azahar, zan shigo ofis da littafin aiki mu duba tare.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Sani
Shugaban sashen ɗinki