Ƙorafi Kan Ƙin Biyan Diyyar Gobarar Shago

Kantin Kwari, Kano
15 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Manajan Sashen Biyan Diyya,

Ranka ya daɗe,

Lambar inshora: 0417/23. Lambar neman diyya: 118/24.

Bayan gaisuwa, takardarku ta 3 ga Afrilu ta iso ni, wadda kuka ce ba za ku biya ni diyyar gobarar da ta ci shagona na atamfa da shadda a daren 14 ga Fabrairu ba. Hujjarku ita ce na saɓa sashe na 9 na yarjejeniyarmu saboda an ga jarkar fetur a shagon. Ban gamsu ba, ina roƙon a sake duba maganar.

Sashe na 9(a) ya hana ajiye mai, wannan gaskiya ne. Amma 9(b), da ke ƙasansa a shafi na 6, ya ce hanin bai shafi man janareta ba matuƙar bai wuce lita 20 ba kuma yana cikin mazubi mai murfi. Takardarku ta tsallake wannan layin gaba ɗaya. Jarkar da ake magana ta lita 10 ce, a rufe take, kuma mai ƙiyasta asarar da ku da kanku kuka turo ya ɗauki hotonta a bayan ƙofa, wuta ba ta ko taɓa ta ba. Jarkar da ba ta ƙone ba, ta yaya za ta zama sanadin gobara? Rahoton Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ma ya nuna wutar ta taso ne daga wayar lantarki a shagon maƙwabcina, ta biyo silin ta shigo nawa.

Kuɗin inshorar shekara na biya shi cif tun Satumbar 2023, kuma na sanar da ku a rubuce ranar 16 ga Fabrairu, alhali sashe na 12 kwana 14 ya ba ni.

Na haɗo muku kwafin:
1. Yarjejeniyar, na ja layi a ƙarƙashin 9(b) da 12.
2. Rasit ɗin biyan kuɗin inshora.
3. Rahoton 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda.
4. Rasitan sarin kaya da littafin ciniki, wanda Allah ya sa a gida ya kwana.
5. Hotuna 11 na shagon bayan gobarar.

Ina neman ku janye wancan hukunci, ku biya Naira miliyan 8 da dubu 400 da na nema, ku kuma ba ni kwafin cikakken rahoton mai ƙiyasin naku. Wata biyu ke nan shagon a rufe, ga yara uku da ke cin abinci a ƙarƙashinsa, ga dilolin da suka ba ni kaya bashi. Idan kwana 21 suka wuce ban ji daga gare ku a rubuce ba, zan kai takardun nan sashen ƙorafi na Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Alhaji Sani Mai Atamfa