Wasiƙar Sanar da Hukumar Haraji Sauyin Adireshi da Sunan Kasuwanci

Gidan Hatsin Albarkar Damina,
Shago mai lamba 27, Layin 'Yan Wake,
Kasuwar Hatsi ta Dawanau,
Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, Jihar Kano.

12 ga Mayu, 2025

Shugaba,
Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano,
Hedikwata, Kano.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR ƘAURA DA SAUYA SUNAN KASUWANCI
Lambar TIN: 1047358826. Lambar rajista: BN 2915604

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da hukuma cewa kasuwancin da ke cikin fayil ɗinku da sunan Sule Mai Fulawa da 'Ya'yansa ya tashi daga shago mai lamba 112 a Kasuwar Singa, Ƙaramar Hukumar Fagge, ya koma adireshin da ke saman wannan takarda. Sunansa a yanzu Gidan Hatsin Albarkar Damina.

Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta amince da sabon sunan, ta ba mu satifiket mai ɗauke da ranar 14 ga Afrilu, 2025, kuma sabon adireshin ya shiga rajistarta. Mun rufe ciniki a Singa da yammacin Laraba 30 ga Afrilu, muka miƙa wa mai shagon makullinsa washegari. Mun buɗe a Dawanau ranar Litinin 5 ga Mayu. A kwana huɗun da ke tsakani ba a sayar da komai ba, jigilar kaya kawai aka yi, shi ya sa littafin ciniki ba shi da shigarwa a waɗannan ranakun.

Dalilin sauya sunan shi ne mun bar sarin fulawa da sukari da man girki, mun koma sarin masara, gero, dawa, wake, waken suya da riɗi. A gyara bayanin sana'ar da ke fayil ya zama sarin hatsi.

Babban abin da nake roƙo a lura da shi: ba sabon kasuwanci ba ne. Mai shi bai canja ba, ni ne dai tun ranar rajista, ban ɗauki abokin tarayya ba, ban kuma mai da shi kamfani mai hannun jari ba. Lambar BN tana nan yadda take, shekarar lissafinmu ma tana nan daga Janairu zuwa Disamba, kuma har yanzu a cikin Jihar Kano nake zaune, don haka wannan hukuma ce ke da haƙƙin harajina. Saboda haka kada a buɗe mana sabon fayil ko a fitar da sabuwar lambar TIN. Idan aka yi hakan, kuɗin da muka biya a shekarun baya za su tsaya a ƙarƙashin tsohon suna, sabon ya fito kamar bai taɓa biyan ko sisi ba. Shi kuma tsohon fayil ɗin, tunda ba mai shigar da bayanai a cikinsa, za a iya yanka masa haraji na ƙiyasi, bashi da tara su riƙa taruwa a kan shagon da ba ma cikinsa. Warware irin wannan tun yanzu ya fi sauƙi a kan bayan shekara ta zagayo.

Haka kuma, wani ɗan kasuwa da ba mu da alaƙa da shi ya riga ya karɓi hayar shago mai lamba 112. Duk takardar neman biya ko ta gayyata da aka kai can ba za ta iso mu a kan lokaci ba, wa'adin yin ƙorafi ya wuce ba mu sani ba, shi kuma bawan Allah a dame shi a kan abin da ba nasa ba. A sanar da ofishin da ke kula da yankin Fagge ya miƙa fayil ɗinmu ga ofishin da Dawanau ke ƙarƙashinsa.

Game da ma'aikata, muna da shida a Singa. Biyu sun ajiye aiki ranar 30 ga Afrilu saboda nisa, mun ɗauki uku sababbi daga 5 ga Mayu: magatakardar sito, mai awo da mai gadi. Yanzu su bakwai ne. Sunayensu da albashinsu suna cikin jadawalin da na haɗo. 'Yan dako ba sa ciki, domin a kan buhu ake sallamarsu, ba albashin wata suke ɗauka ba. Harajin albashi na PAYE na watan Afrilu mun biya shi ranar 8 ga Mayu, kafin cikar wa'adin ranar 10, amma rasidin ya fito da tsohon suna tunda shi ke cikin na'ura. Muna so na watan Mayu, wanda za mu biya kafin 10 ga Yuni, ya fito da sabon suna. Bayanin ma'aikata na shekarar 2025, da za a shigar kafin ƙarshen Janairun 2026, guda ɗaya za mu kawo, ya haɗa watannin Singa da na Dawanau.

Rasidin ciniki na ƙarshe da muka yanka da tsohon suna shi ne mai lamba 004350. Ragowar, daga 004351 zuwa 004500, mun ja musu layi mun soke su, suna ajiye ga duk jami'in da ke son gani. Sababbin sun fara daga 000001. Tsohon hatimi ma an daina amfani da shi. Kayan da muka kwaso daga Singa, buhun fulawa 64 da jarkar mai 38, ba sayar da su aka yi ba, wuri kawai suka sauya, za su shiga littafin ciniki ranar da muka sayar da su.

Akwai batun harajin da wasu kamfanonin da muke kai wa kaya ke cirewa tun kafin su biya mu. Mun rubuta musu, amma wasu sun riga sun shigar da mu a na'urorinsu da tsohon suna, kuma gyaran yakan ɗauki lokaci. Duk abin da aka biya da lambar TIN ɗin nan, kowane suna ya ɗauka, a lissafa mana shi a cikin harajin wannan shekara.

Takardar shaidar biyan harajinmu ta shekarun 2022, 2023 da 2024 tana ɗauke da tsohon suna da tsohon adireshi. Ina neman a sake fitar da ita da sababbin bayanan, tare da wasiƙar da ke tabbatar da gyaran. Bankinmu ya ce sai sunan da ke kan TIN ya dace da na satifiket ɗin CAC kafin ya sauya sunan asusu, kuma kafin a yi hakan masu sayen kaya na ganin suna ɗaya a rasidi, wani daban a asusun da za su tura kuɗi. Abin da ya shafi harajin VAT kuwa mun rubuta wa hukumar tarayya ta FIRS daban.

Na haɗo kwafin tsohon satifiket da sabo, yarjejeniyar hayar shago da sito a Dawanau, takardar miƙa makullin Singa, rasidin PAYE na Afrilu, jadawalin ma'aikata, da takardar shaidar biyan haraji da ake son sauyawa. Lambar waya da imel ɗin da ke fayil ba su canja ba. Idan za a turo jami'i ya ga wurin, muna buɗewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, littattafan lissafi kuma suna ofishin da ke bayan shagon. Don Allah a buga hatimin karɓa a kwafi na biyu na wannan wasiƙa a ba wanda ya kawo ta.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya.

Naka mai biyayya,

Sulaiman Garba
Mai Gidan Hatsin Albarkar Damina