Jawabin Godiyar Uban Amarya a Walimar Aure, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi da Ya nuna mana wannan rana lafiya.

Malamai, iyayenmu, surukaina, jama'ar unguwar Misfala, sannunku da zuwa. Wasu daga Jidda kuka taso bayan La'asar, akwai kuma 'yan'uwanmu na Mai Wurno ta Sudan da na Kano da Umara ta kawo, suka ce sai sun ga ɗaurin aure kafin su koma. Allah Ya saka da alheri.

Liman ya ɗaura aure bayan Magariba, an biya sadaki lakadan a gaban shaidu, babu bashi a kai. Na ji daɗin yadda dangin ango suka zo mana, ba ciniki, ba ja-in-ja.

Godiya ta musamman ga matan gida. Tun Asuba suke kan tukwane: raguna shida, shinkafa buhu uku, ga waina da miyar taushe saboda dattawan da mandi, girkin shinkafa da nama irin na Larabawa, bai cika musu ciki ba. Samarin da suka shimfiɗa dardumai suka zagaya da gahawa da dabino, na gan ku.

Ango, ɗana, ga amana na ba ka. 'Yata tana da haƙuri, amma idan ta yi shiru da yawa, tambaye ta. In saɓani ya taso, ku fara kashe shi a ɗakinku kafin ya iso kunnenmu.

Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Bismillah, a matso kusa da faranti. Masu komawa Jidda, motarku za ta tashi ƙarfe 11.