Wasiƙa zuwa ga Alhaji Babba a kan hoton Baturen nan mai safar hannu

Tudun Wada, Kaduna
Lahadi, 14 ga Janairu, 2024

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Iya da duk mutanen gida. Yaya sanyi, yaya kuma gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara maka tsawon rai mai albarka.

Inna ta gaya mini cewa tun ranar Laraba ka daina magana a zauren WhatsApp na gida, har ka ce wa Auwalu ya cire ka, tunda yanzu jikokinka sun mai da kai abin dariya. Wallahi wannan magana ta tsaya mini a rai. A waya ba ka barina in kai ƙarshen zance, shi ya sa na zauna na rubuta, Auwalu ya karanta maka a tsanake bayan la'asar.

Ga hoton da ka turo kamar yadda ya iso mana. Wani dattijon Bature ne zaune a kan kujerar ƙarfe mai naɗewa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya harɗe hannuwa a ƙirji, sanye da rigar sanyi mai kauri da takunkumi a fuska, da wata ƙatuwar safar hannu mai ruwan ƙasa da zane-zane. A gefensa teburin mai shayi ne, da gwangwanayen madara da tulin burodi da buta a kan wuta. Sai ka biyo da saƙon murya, kana cewa mu dubi wannan bawan Allah da tsufa ya cim masa a ƙasar da ba tasa ba, 'ya'yansa sun yasar da shi, ko kuɗin shayi ba shi da su. Ka ce duk wanda ya san unguwar da yake ya faɗa, ka ajiye naira dubu biyar a saya masa bargo.

Alhaji, wannan mutum bai taɓa zama a wajen mai shayin nan ba. Sunansa Bernie Sanders, sanata ne a Amurka, yana wakiltar jihar Vermont a majalisar dattawa tun 2007. Kafin nan ya yi magajin garin Burlington daga 1981 zuwa 1989, ya kuma yi shekaru a majalisar wakilai. Sau biyu yana neman jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, a 2016 Hillary Clinton ta samu, a 2020 Joe Biden ya samu. An haife shi a 1941, ka ga kusan sa'anka ne. Yana da gida da iyali da albashi, kuma bargo ba ya cikin abin da ya rasa.

Ainihin hoton an ɗauke shi ne ranar 20 ga Janairu, 2021, a birnin Washington, wajen rantsar da Biden. Lokacin korona ne, an jera kujeru nesa da juna, dalilin da ya sa ka gan shi shi kaɗai da takunkumi ke nan. Manyan ƙasar duk sun zo cikin kwat da riguna masu tsada, shi kuwa ya zo da rigar da yake sawa a garinsu mai tsananin sanyi, ya takure a kujera da alamar wanda ya ƙosa a tashi. Wani mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AFP, Brendan Smialowski, ya ɗauke shi a haka. Kafin gari ya waye hoton ya zagaye duniya. Mutane suka riƙa yanko shi da kujerarsa suna liƙa shi a duk inda suka ga dama: cikin jirgin ƙasa, bakin teku, filin ƙwallo, har a kan wata. Wani ɗan ƙasar nan ne ya ga ya dace ya kawo shi wajen mai shayi. Yara suna kiran irin wannan hoto mim.

Ka sa Auwalu ya buɗa maka hoton da yatsu biyu, ka dubi ƙasan kujerar. Mai shayin yana da inuwa, bencin yana da inuwa, kujerar Baturen ba ta da ita, kuma ƙafarta ɗaya ba ta ma taɓa ƙasa ba. Sannan komai na wurin ƙurar hunturu ta dusashe shi, shi kaɗai ne ya fito tas. A can sama kuma akwai ƙaramin rubutu da na san ba ka gani ba, don tabaraunka ya daɗe da yin rauni. Cewa aka yi: "Lokacin da mai shayi ya ce sai ka biya bashin jiya." Wato wanda ya haɗa hoton yana nufin zaman nan na harɗe hannu zaman fushi ne, irin na wanda aka hana shi shayi bashi ya ƙi tashi.

Ka tambayi Inna me ya sa mutum zai ɓata lokacinsa yana haɗa ƙarya. Ai wanda ya haɗa bai yi don a yarda ba, ya san kowa ya san hoton. Abin yana aiki ne kamar karin maganarka. In Kawu Sani ya yi maka alkawarin gyaran rufin zaure, sai ka ce, "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa." Babu wanda ke tashi neman karen, kowa ya san da wanda kake, kuma daɗin maganar shi ne yadda tsohon zance ya faɗa daidai kan sabon al'amari. Haka hoton nan yake a wajenmu. Mun san shi shekara uku ke nan, mun gan shi a wurare barkatai, har mun manta da shi. Kwatsam sai ga shi ya dawo ta hannunka, da sadakar dubu biyar a bayansa.

Wannan shi ne rabin dalilin dariyar. Ɗaya rabin kuma, wanda babu wanda ya iya gaya maka, shi ne mutumin nan zamanka ya yi. Duk wanda ya taɓa kwana a Gumel da hunturu ya san yadda kake fitowa bayan sallar asuba, ka sa a kai maka farar kujerarka inda rana ke fara sauka a jikin katangar zaure. Ka ja hular sanyi har kunne, ka ɗora rigar ulun nan da ka sayo a Makka a kan jallabiya, ka harɗe ƙafa, ka cusa hannuwa a hammata, rediyo na magana a gefe, kai kuma ba ka amsa wa kowa fiye da "lafiya" sai an kawo kunu. Tun 2021 da hoton ya fito Zainabu ta turo mana shi a ɓoye ta ce, "Ga Alhaji Babba yana jiran kunun Iya." Tun ran nan, a tsakaninmu jikoki, sunan hoton ke nan. To ka duba yadda abin ya zo mana: mutumin da muke gani a cikin hoton shi ne ya turo shi da kansa, yana tausaya wa mai zaman, yana neman a saya masa bargo. Ni ina cikin Keke Napep na saurara, sai da matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya. Ina dariya ina jin kewarka, don a cikinmu duka kai kaɗai ne ka kalli hoton ka fara tunanin ko mutumin ya karya kumallo.

Waɗancan 'yan kawunan rawaya masu hawaye da suka cika zauren, su ma Inna ta ce da farko ka ɗauka kuka muke yi tare da kai, sai daga baya Auwalu ya ce maka dariya ce. Na san nan ne abin ya fi yi maka zafi. Alamar tana nufin dariyar da ta kai mutum ga hawaye. Mu kan tura ta sau goma a yini ba tare da tunani ba, kai kuwa a jere ka gan su a ƙarƙashin muryarka, daga yaran da ka goya.

Akwai maganar da ka yi wadda na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ka ce ko da wasa ne, bai kamata a mai da tsoho abin izgili ba, ka kawo ayar Suratul Hujurat da ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Gaskiya ne, kuma da yawan hotunan da ke yawo a waya sun faɗa cikin wannan. Ana ɗaukar mai taɓin hankali ko wanda ya faɗi a titi ko talakan da bai san an ɗauke shi ba, a yi ta yaɗawa, shi da iyalinsa suna cin kunya. Irin waɗannan ba na tura su, kuma in an turo zauren gida nakan yi magana. Na wannan sanatan ya sha bamban, don shi da kansa ya yi dariyar abin da aka tambaye shi, ya ce shi dai ƙoƙarin kare kansa daga sanyi yake yi. Safar ma kyauta ce daga wata malamar makaranta a jiharsu, ta ɗinka ta da tsofaffin rigunan ulu. Daga baya ya sa aka buga hoton a jikin riguna aka sayar, aka tara kusan dala miliyan 1.8, aka raba wa ƙungiyoyin agaji na Vermont, ciki har da masu kai wa tsofaffi abinci har gida. Na tabbata wannan ɓangaren zai yi maka daɗi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe saboda gaba, don wata rana abin da za a turo maka ba na dariya ba ne, na damfara ne, a nuna hoton mara lafiya a sa lambar asusu. In ka ga an rubuta Forwarded many times a saman saƙo, da 'yan kibiyoyi biyu, to ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, kuma wanda ya turo maka ma bai san asalinsa ba. In maganar kuɗi ce ko magani ko rasuwar wani, ka turo mini ni kaɗai tukuna in duba maka. Ba na gajiya, ko da tsakar dare ne.

Kada ka bari Auwalu ya cire ka. Tun ranar Laraba babu wanda ya turo addu'ar safiya, Juma'a ta zo ta wuce ba mu ji muryarka ba, har Yaya Bashir da ke Legas ya kira ni yana tambaya ko jikin ne. Zainabu ta ce za ta kira ka da kanta gobe.

Dubu biyar ɗin kuma, tunda ka riga ka yi niyya, Inna ta ce mai gadin makarantar allon bayan gida a kan tabarma yake kwana ba abin rufa. Ni zan cika abin da ya rage in bargon ya fi haka. Ina nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda, mu je a auna maka ido a canja tabarau.

Ka gaishe mini da Hajiya Iya da Baba Ƙarami da su Auwalu. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Jikarka,
Ummi