Shirin Mako Huɗu Kafin Intabiyu

Ƙanena, ga tsarin koyon Turanci da na yi maka kafin intabiyun aikin direba a Dubai.

Mako na 1: bayan asuba, minti 30. Haddace kalmomi 10 kullum, da gaisuwa da lambobi.

Mako na 2: gabatar da kanka. Sunanka, shekarun da ka yi kana jigila tsakanin Jos da Abuja, irin lasisinka. Ɗauki muryarka a waya, ka saurara. Nan za ka fi shan wuya, don harshenmu yakan mayar da "p" ta koma "f". Ka dage a kai.

Mako na 3: sauraron labaran Turanci a rediyo kowane dare.

Mako na 4: zan zama mai tambaya, mu gwada ta bidiyo. Ranar jajibiri ka huta. Allah ya ba da sa'a.