Darasin Aljebra, aji huɗu: gajeren jeri madaidaici da lokacin da yake tsagewa

'Yan aji, na rubuta wannan takarda ne bayan na duba gwajinku na ranar Litinin. Kusan rabinku, da suka ga gajeren jeri madaidaici mai A, B da C, sun rubuta B ≅ A ⊕ C haka kawai, kamar gado aka bar musu. To, mu sake lale.

A ce R zobe ne, A, B da C kuma modul ne a kansa. Jerin

0 → A → B → C → 0

mai taswira f daga A zuwa B da g daga B zuwa C, ana kiransa gajere madaidaici idan abu uku suka cika: f ba ta kai abu biyu wuri ɗaya, g ta taɓo kowane ɗan C, sannan im f = ker g. Wato A na zaune cikin B, kuma C ≅ B/f(A). Iyakar abin da jerin ya ba ku ke nan.

Sanin A da C bai isa ya gaya muku B ba. Ɗauki

0 → Z/2 → Z/4 → Z/2 → 0,

da f(1) = 2, g kuma ragowar rabawa da 2. Madaidaici ne, amma Z/4 ba Z/2 ⊕ Z/2 ba ne: a na biyun, duk abin da ka ninka sau 2 ya zama 0, alhali a Z/4, 2·1 = 2.

Jeri yana tsagewa idan akwai homomofizim s daga C zuwa B da gs = id. Daidai yake da a sami r daga B zuwa A da rf = id, kowanne kuma yana ba da B ≅ A ⊕ C ta hanyar da ta dace da f da g. Hujjar ta fi daɗi a hannu. Rubuta

b = (b − sg(b)) + sg(b).

Sa g a kan kashin farko, ka ga 0, saboda haka yana cikin f(A). Na biyu yana cikin s(C). In kuwa s(c) ya faɗa cikin ker g, to c = gs(c) = 0, ba su haɗu ko'ina ba sai a 0.

Neman s ɗin ne ke kayar da mutane. A 0 → Z/2 → Z/6 → Z/3 → 0, da f(1) = 3, g kuma ragowar rabawa da 3, wani ya zaɓi s(1) = 1. Bai yi ba, don 3·1 = 3 a Z/6. Amma s(1) = 4 ya yi: g(4) = 1, kuma 3·4 = 12 = 0. A Z/4 ɗin can, s(1) ko 1 ne ko 3, duka ninkinsu 2 ne. Hanya ta toshe.

Idan C furojektif ne, ko A injektif, tsagewa dole ce. Shi ya sa ba ku taɓa shan wannan wahala a sararin fekta ba: akwai besis, sai ka ɗauko wa kowane ɗansa wakili a B.

Aikin gida: a nuna 0 → Z → Z → Z/n → 0, da f(x) = nx, ba ya tsagewa idan n ≥ 2. A kawo ofishina ranar Alhamis kafin azahar. Masu zuwa daga Yelwa da Wunti, ku fito da wuri, ba na karɓar uzurin rashin keke napep.