Siginar analog da ta dijital: takardar darasi ta mako na uku, ajin farko

Ku karanta wannan takarda kafin mu haɗu a ɗakin gwaji ranar Alhamis, domin abin da za ku gani a fuskar osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina, a kan takardar ya dogara.

Sigina dai wani abu ne da ke canzawa da lokaci, yana ɗauke da saƙo. A fanninmu yawanci ƙarfin lantarki ne a cikin waya, ko igiyar rediyo a sarari, ko haske a cikin zaren gilashi. Abin da ya raba analog da dijital shi ne yadda aka ɗora saƙon a kan wannan canji.

Mu fara da muryarku. Idan mutum ya yi magana, iskar da ke gaban bakinsa tana matsewa tana sakewa. Makirufo yana karɓar wannan motsi ya mayar da shi lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda iskar ta motsa. In murya ta yi ƙarfi, lantarkin ya yi sama. In ta yi laushi, ya yi ƙasa. Babu tsalle, babu giɓi. Tsakanin bolt 1 da bolt 2 siginar tana ratsa 1.1 da 1.15 da 1.153 da duk abin da ke tsakani, kuma a kowane lokaci tana da ƙimarta. Wannan ita ce analog: siffar siginar kwaikwayon abin da ya haife ta ce. Wayar tarho da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1876 haka take aiki, haka ma rediyon AM da FM, da kaset.

Ita kuwa dijital, ƙimomi ƙididdigaggu aka ware mata, ba ta da izinin tsayawa a tsakaninsu, kuma a lokuta ƙayyadaddu ake karanta ta. Galibi ƙimomin biyu ne, 0 da 1, kowanne ana kiransa bit. Makunnin fitila ko a kunne yake ko a kashe. Mai hawa tudu yana iya tsayawa a duk inda ya ga dama, amma mai hawa matakala yana kan ta uku ne ko ta huɗu, babu ta uku da rabi. Ma'aunin zafi mai ruwa a cikin gilashi yana hawa a hankali ba yankewa, mai nuna lamba kuwa daga 36.6 sai 36.7.

Yawancin ɗalibai nan suke tsayawa, su haddace "ɗaya a miƙe, ɗaya a yanke", su shiga jarrabawa. Wannan bai isa ba. Abin da nake so ya zauna muku shi ne dalilin da ya sa aka karkata ga dijital, kuma dalilin shi ne hayaniya.

Duk siginar da ta bi hanya sai ta raunana, sai kuma ta kwaso datti: zafin wayar kanta, tartsatsin injin mota, walƙiya, siginar maƙwabciyar waya. A ce an aiko bolt 2.30, ya iso a matsayin 2.37. Na'urar analog ba ta da hanyar sanin cewa 0.07 ɗin nan baƙo ne, tunda 2.37 ma halastacciyar ƙima ce. Idan aka sa amfilifaya don ƙara wa siginar ƙarfi, sai ta ƙara wa saƙo da dattinsa gaba ɗaya. Amfilifaya ta gaba ta ƙara nata. Wanda ya taɓa kwafar kaset daga kaset, sannan ya sake kwafa daga kwafin, ya san yadda shuuu ɗin nan ke ƙaruwa har ya danne muryar.

Na'urar dijital tambaya ɗaya tak ake yi mata: wannan 0 ne ko 1? A tsarin TTL, wani nau'in da'irar dijital, duk abin da ya shigo tsakanin bolt 0 da 0.8 ana ɗaukarsa 0, daga bolt 2 zuwa 5 kuma 1 ne. To, in an aiko bolt 5 ya iso a 4.2, a karkace, gefensa duk ya zaizaye, har yanzu 1 ne. Na'urar da ke tsakiyar hanya za ta yanke hukunci, ta zubar da gurɓatacciyar siginar, ta ƙirƙiro sabuwa fil ta tura gaba. Shi ya sa hoton da aka kwafa daga kwamfuta zuwa kwamfuta sau dubu yake nan yadda yake, muddin ba a sake matse shi ba.

Saura tambaya: ta yaya murya ke zama lambobi? Mataki na farko, a riƙa auna siginar a kai a kai, kowane awo sunansa samfuri. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunayen Nyquist da Shannon ta ce yawan samfuri a daƙiƙa dole ya zarce ninki biyu na mitar da ta fi kowace yawa a cikin siginar. Mita a nan ita ce yawan hawa da saukar igiya a daƙiƙa ɗaya, ana auna ta da Hz. Layin tarho yana ɗaukar murya daga 300 Hz zuwa 3,400 Hz, don haka aka zaɓi samfuri 8,000 a daƙiƙa. Mataki na biyu, a kai kowane awo ga matakala mafi kusa. Da bit 8 ana samun matakai 256.

```
8,000 × 8 = 64,000 bit/s
```

Wannan lamba ku riƙe ta, za ku yi ta cin karo da ita har ku gama karatu. Hanyar sunanta PCM, Alec Reeves ne ya ƙirƙiro ta a 1937. Faifan sidi yana ɗaukar samfuri 44,100 a daƙiƙa da bit 16, wato matakai 65,536, saboda kunnen mutum yana ji har wajen 20,000 Hz.

Kada ku fita da tunanin cewa dijital ba ta da aibi. Kai awo ga mataki mafi kusa asara ce, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Sannan yadda take faɗuwa daban ne. Tashar rediyon analog in ka yi nisa da ita tana dushewa a hankali, kana iya tsintar labarai cikin hayaniya. Talabijin na dijital kuwa yana nan garau, sai hadari ya taso, hoto ya farfashe gida-gida, ya daskare, ya ɗauke. Hayaniya ce ta kai inda na'urar ta kasa bambance 0 da 1.

Akwai kuma kuskuren da nake gani kowace shekara a takardunku: zana siginar dijital da kusurwoyi tsaf kamar an yanka da reza, a ɗauka haka take a waya. A zahiri lantarki ba ya tsalle daga 0 zuwa 5 nan take, yana ɗaukar lokaci, komai ƙanƙantarsa. Igiyar da ke tashi daga wayar salula zuwa eriya igiya ce mai hawa da sauka, an dai ɗora mata lambobi. Kiran da kuke yi yana farawa da murya, na'urar ADC ta mayar da ita lambobi, a can ɗaya gefen DAC ta dawo da ita lantarki mai motsa lasifika.

Ranar Alhamis kowane rukuni zai haɗa janaretan sigina da osiloskof, ya fitar da igiya mai lanƙwasa ta 1,000 Hz, sannan mai kusurwa a wannan mitar. Ku buɗe gefen mai kusurwar sosai, ku auna tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta hau. Ku zo da takardar zane mai gida-gida, kuma kafin ku zo kowa ya lissafa girman mataki ɗaya idan aka raba bolt 5 da bit 8, sannan da bit 4.